Daga bakin jak zuwa tsakiyar bim: lissafin asarar ja da duba matsi a bim mai mita 18

Ƙarfin da jak ya ja igiyar ƙarfe da shi a ranar ja ba shi ne yake zama a cikin bim ba. Wani kaso yana tafiya tun kafin a kashe famfon mai, wani kuma yana zurarewa a hankali cikin shekaru. Shi ya sa ake duba bim mai tandon, wato damin igiyoyin ƙarfe da ake ja a cikinsa, sau biyu. Na farko ranar da aka saki ja a kan kankare, lokacin ja yana da yawa, kankare bai gama ƙosawa ba, kaya kuma babu sai nauyin bim ɗin kansa. Na biyu lokacin da gini ya fara aiki, ja ya ragu, kaya ya cika. A na farko haɗarin yana saman bim, a na biyu yana ƙasansa. Za mu bi bim guda ɗaya daga farko har ƙarshe da ƙa'idar Eurocode 2. Ofisoshi da yawa a Abuja har yanzu da BS 8110 suke aiki, duk da cewa an janye ta a Birtaniya tun 2010. Tsarin tunanin ɗaya ne, iyakoki da wasu alƙaluma ne suka bambanta, don haka kada a gauraya su a lissafi ɗaya.

Bim ɗin da za mu yi aiki da shi

A ce ginin ofis ne a Abuja, ana son falo babu ginshiƙi a tsakiya. Tazarar mita 18 ce, bim yana zaune a kan ginshiƙai biyu kawai. Faɗinsa 400 mm, zurfinsa 1000 mm, kankare C40/50. Dakin da aka zuba a gefe ake ɗorawa a kansa daga baya, saboda haka dakin kaya ne kurum, ba ya taimaka wa bim wajen ɗauka.

```
A = 400,000 mm²
I = 3.333 × 10^10 mm⁴
Z = 6.667 × 10^7 mm³
```

Nauyin bim kansa 10 kN/m ne, dakin da tayil da silin 9 kN/m, mutane da kayan ofis 7.5 kN/m. Da wL²/8, moman a tsakiya ya zama 405 da 364.5 da 304 kNm bi da bi.

Tandon guda ɗaya ne a cikin bututun ƙarfe, yana ɗauke da igiya 12 masu kaurin 15.7 mm, kowace 150 mm², jimla 1800 mm², wato Ap. Ƙarfin igiyar 1860 MPa, Ep, wato taurinta wajen miƙewa, kuma 195,000 MPa. Tandon yana farawa daga tsakiyar zurfin bim a kowane baki, ya lanƙwaso ƙasa kamar baka, har ya sauka 350 mm ƙasa da layin tsakiya a tsakiyar tazara. Wannan saukar ita ce e. Za a ja daga gefe ɗaya zuwa kashi 75 cikin ɗari na ƙarfin igiya, wato 1395 MPa, wanda ya ba da 2511 kN a bakin jak. Ƙa'ida ta yarda a kai kusan 1476 MPa ga irin wannan igiya, amma barin ɗan fili yana da amfani, domin idan bututu ya yi gardama a ranar ja akwai inda za a ƙara.

Mataki na farko: gogayya a cikin bututu

Igiya tana gugar bangon bututu duk inda ya lanƙwasa, kuma ko inda zane ya ce bututu a miƙe yake, a zahiri yana ɗan karkacewa tsakanin kujerun da aka ɗaure shi a kai. Lissafin ya haɗa biyun:

```
P(x) = P0 · e^(−μ(θ + k·x))
```

μ, wato ma'aunin gogayya, ga igiya a bututun ƙarfe 0.19 ce. k, wato ma'aunin karkacewar bututu, tana tsakanin 0.005 da 0.01 a kowace mita, mun ɗauki 0.007. θ ita ce jimlar kwanar da tandon ya sha daga jak zuwa inda ake dubawa, kuma ga wannan lanƙwasa, daga baki zuwa tsakiya 4e/L ce, wato 0.078. A tsakiya, mita 9 daga jak, ja ya sauka zuwa 2445 kN. A can ɗaya bakin ya sauka zuwa 2380 kN. Ke nan ana rasa kusan 7.3 kN a kowace mita. A riƙe wannan adadi, shi ne p, yanzu za a buƙace shi.

0.19 ɗin nan na bututu mai tsabta ne da igiya marar tsatsa. Igiyar da aka zura a bututu aka bar ta ruwan watan Agusta ya yi ta dukanta makonni, ko bututun da ma'aikata suka tattaka ya lotsa, ko haɗin da tef ɗinsa ya buɗe ruwan siminti ya shiga, duk suna ɗaga gogayya sama da abin da ke takarda.

Mataki na biyu: shigewar wej

Nan ne masu sabon hannu suka fi yin tuntuɓe. Idan jak ya kai ƙarfin da ake so aka sake shi, igiya tana komawa ciki kaɗan kafin haƙoran wej su cije ta a cikin anka. Yawancin tsare-tsare suna ba da kusan 6 mm, wato Δ, amma a duba takardar kamfanin da ya kawo ankar. Milimita shida kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa duk miƙewar igiyar nan ba ta wuce 125 mm ba. Kusan kashi biyar cikin ɗari ke nan ya koma.

Asarar ba ta bazu daidai a tsawon bim ba, domin gogayyar da ta hana igiya fitowa ita ce yanzu take hana ta komawa. Don haka asarar ta fi yawa a bakin anka, tana raguwa har ta ƙare a wani nisa da ake samu haka:

```
l = √(Δ · Ep · Ap / p)
l = √(2106 / 7.3) ≈ 17 m
asara a x = 2 · p · (l − x)
```

Mita 17 cikin 18, kusan bim ɗin gaba ɗaya. A bakin anka an rasa 248 kN, a tsakiya 117 kN. Ja a tsakiya ya koma 2328 kN. A lura, shigewar wej ta ci kusan ninki biyu na abin da gogayya ta ci. A gada mai tsawo akasin haka ne, gogayya ce babba, shigewar wej tana mutuwa kafin ta kai inda moman ya fi yawa. A gajeren bim na gini kuwa ita ce kan gaba, kuma duk wanda ya kwafo kaso daga lissafin gada zai raina ta. Idan l ya fi tsawon bim, wannan lissafin bai ƙara aiki ba, sai a raba asarar har zuwa ɗaya bakin.

Wani zai ce to a ja daga gefe biyu mana. A bim irin wannan babu wata riba a ciki, tunda shigewar wej ɗin farko ta riga ta ratsa kusan ko'ina, ja na biyu kuma zai zo da tasa.

Saura matsewar kankare nan take. Da tandon ɗaya da aka ja duka igiyoyinsa lokaci guda, babu wannan asarar, domin kankare yana matsewa ne tun jak yana riƙe, geji kuma yana nuna abin da ya rage bayan matsewar. Idan tandon biyu ne ko fiye, na baya yana sassauta na farko, sai a lissafa matsakaicin asarar da (n−1)/2n × (Ep/Ecm) × σc, inda n yawan tandon ne, Ecm taurin kankare, σc kuma matsin kankare a wajen tandon. Haka ma idan ƙaramin jak aka kawo ana jan igiya ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na uku: duba matsi a ranar ja

Matsi muna ba shi alamar ƙari, ja alamar ragi. Abu uku ake haɗawa: matsin da tandon ya bazu a duk faɗin bim, lanƙwasar da yake yi sama saboda yana ƙasa da tsakiya, da nauyin bim da ke danna shi ƙasa.

```
sama = P/A − P·e/Z + M/Z
ƙasa = P/A + P·e/Z − M/Z
```

Da 2328 kN da 405 kNm, sassan uku sun zama 5.82 da 12.22 da 6.08 MPa. Sama ya ba da −0.32, ƙasa 11.96. Amma ƙa'ida ta san ja a fili ba ya zuwa daidai da takarda, saboda haka ga tandon da za a cika da girawut, wato ruwan simintin da ake ɗurawa a bututu bayan ja, ta ba da shawarar a ninka da 1.10 inda yawan ja ne matsala, da 0.90 inda ƙarancinsa ne matsala. A ranar ja yawansa ne abin tsoro. Da 2561 kN, sama ya zama −0.96, ƙasa 13.77 MPa.

Iyakar da za a gwada da ita ta ƙarfin kankare na ranar ce, ba ta kwana 28 ba. A ce zane ya hana ja sai kankare ya kai 28 MPa na silinda, wanda yake daidai da 35 na kiyub. Iyakar matsi 0.6 × 28 ce, wato 16.8, ƙarfin kankaren wajen jure ja kuma kusan 2.6 MPa. Bim ya wuce duka biyun. A kula sosai da wannan bambanci na silinda da kiyub. Ɗakunan gwaji a nan sakamakon kiyub suke bayarwa, lissafin Eurocode 2 kuma da silinda yake. Wanda ya ga 28 a takardar kiyub ya ba da umarnin ja, ya ja ne a kan kankaren da ƙarfinsa bai wuce 22 ko 23 ba, iyakar matsinsa kuwa ta faɗo daidai kan 13.77 ɗin da muka samu, ko ƙasa da shi. Bayan anka ma, inda matsin ya taru wuri ɗaya, nan ne zai fara nunawa da tsagewa a gefen bim ko farantin anka ya nutse. Kiyub ɗin da za a dogara da su su kwana kusa da bim ɗin, su sha rana da sanyin da ya sha. Wanda aka jiƙa a tankin ɗakin gwaji labarin tanki yake bayarwa. Wannan ya fi muhimmanci a Jos, inda sanyin daren Disamba da Janairu yake jinkirta ƙosawar kankare, kwana bakwai ba lallai su isa ba.

Akwai abin da lissafin nan ya dogara a kai wanda ba a cika faɗa ba. Saman bim ya tsira ne saboda 6.08 ɗin nauyin kansa. Cire shi, sama ya koma −6.4 MPa, ya tsage. Nauyin yana aiki ne idan bim ya ɗaga daga katako ya zauna a kan bakunansa biyu. Idan a ƙasa aka zuba shi za a ɗaga da kiren, a kama shi a bakuna inda zane ya nuna. Kama shi can ciki, ko ajiye shi a kan katako a tsakiyarsa, ko barin shi ya kwanta a gefe, yana kawar da wannan nauyi ko ma ya juya shi. A tabbatar kuma an cire katakon gefe kafin ja, kuma bakin bim yana iya ɗan matsowa, in ba haka ba wani kaso na jan zai tafi cikin ginshiƙi da katako.

Tsakiya kawai muka duba domin saukar tandon da moman na nauyin bim suna tashi tare suna sauka tare. Da tandon a miƙe yake da e ɗaya har baki, bakin ne zai fi muni, tunda can babu moman da zai danne saman.

Yadda ake gane lissafi ya yi daidai a fili

Shaida biyu ake da su a ranar ja, geji da ma'aunin miƙewa, kuma dole su yarda da juna. Matsakaicin ja kafin a saki jak 2445 kN ne, wanda ya ba da miƙewar 125 mm a mita 18. A ƙara kusan 5 mm na igiyar da ke cikin jak, idan tsawonta ya kai 700 mm, a sa ran 130 mm. Ba a fara awo daga sifili, domin igiya tana kwance sako-sako a bututu. Ana ja zuwa kashi 20 cikin ɗari, a sa alama, a auna daga nan zuwa ƙarshe, sannan a ninka da 100/80. Lambar da za a kai a geji kuwa daga takardar gwajin wannan jak da wannan geji tare ake ɗaukarta, kuma takardar kada ta tsufa.

Yawancin takardun aiki suna yarda da bambancin kashi 5 zuwa 7. Idan geji ya cika amma miƙewa ta tsaya a 112 mm, akwai inda igiya ta maƙale ko gogayya ta yi yawa, kuma tsakiyar bim bai sami rabonsa ba. Idan ta kai 148, a duba ko wej na ɗaya bakin yana zamewa, ko waya ta tsinke, ko geji yana ƙarya. A kowane hali a dakata, kada a yanke jelar igiya, kada a zuba girawut, sai injiniyan da ya yi zane ya ga alƙaluman. Bayan an yanke babu gyara mai sauƙi.

Mataki na huɗu: asarar shekaru

Abu uku ke tafiya tare. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, yana kuma ci gaba da matsewa a hankali ƙarƙashin matsi mai ɗorewa, abin da ake kira kirif, igiya kuma tana saki da kanta. Biyun farko sun dogara da damshin iska, kuma a nan ne ake kwafo kuskure. Damina a Abuja iska tana da damshi sosai, amma da hunturu ta bushe ƙayau, cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki kuma a bushe yake duk shekara. Kashi 50 na damshi ya fi dacewa da bim na cikin gini a kan kashi 80. Ga bim ɗinmu, da aka ja yana da kwana 7, kashi 50 ya ba da φ, wato ma'aunin kirif, kusan 2.3, kashi 80 kuwa 1.8. Ja a kwana 3 zai kai shi 2.7, jira har kwana 28 ya sauko da shi 1.8.

Tsukewa gaba ɗaya kusan 0.0004 ce, wadda ta ci 78 MPa a igiya. Sakin igiya mai ƙarancin saki, wadda takardarta ta ce kashi 2.5 a awa 1000, ya kai kusan 49 MPa a awa 500,000, kuma ana ɗaukar kashi 80 na wannan, wato 39. Kirif yana buƙatar matsin kankare daidai inda tandon yake ƙarƙashin kayan da ke zaune kullum, wato nauyin bim da dakin da kashi 30 na kayan ofis, moman 861 kNm. Matsin 5.34 MPa ne. Ecm na C40/50 35,000 MPa ce, Ep/Ecm ke nan 5.57.

```
kirif = 5.57 × 2.3 × 5.34 = 68 MPa
D = 1 + 5.57 × (Ap/A) × (1 + A·e²/I) × (1 + 0.8φ) = 1.176
Δσ = (78 + 39.2 + 68.4) / 1.176 ≈ 158 MPa
```

Rabawa da 1.176 yana nan ne domin asarar tana rage kanta: duk sanda ja ya ragu, matsin da ke jawo kirif ya ragu. 158 MPa a kan 1800 mm² ya zama 284 kN, ja na ƙarshe a tsakiya 2044 kN. Daga 2511, an rasa kashi 18.6 cikin ɗari. Kashi 20 da ake jefawa a zanen farko bai yi nisa ba a nan, kuma ya isa a zaɓi girman bim da shi, amma bai isa a sa hannu a kan zane da shi ba.

Lissafin ya ɗauka cewa dakin zai hau ba da jimawa ba. Kowa ya san yadda gini yake tsayawa a garin nan idan kuɗi ya yanke. Bim da aka ja aka bar shi babu kaya, matsin da ke wajen tandon 10.1 MPa ne, kusan ninki biyu, kuma yawancin kirif a watannin farko yake faruwa. Idan aka ɗauki mafi munin hali, kamar kayan bai taɓa hawa ba, asarar ta kai 210 MPa, ja ya koma 1950 kN. Bim ɗin kuma zai ci gaba da gantsarewa sama, ranar da aka dawo aiki a tarar tsakiya ya fi baki tsayi, a cike bambancin da ƙarin siminti, wanda shi ma kaya ne da ba ya cikin lissafi.

Mataki na biyar: duba matsi lokacin aiki

Yanzu ƙarancin ja ne abin tsoro, sai a ninka 2044 da 0.90, a sami 1840 kN. P/A ya zama 4.60, P·e/Z 9.66. Da cikakken kaya, 1073 kNm, M/Z 16.10 ne. Sama ya ba da 11.04 MPa, nesa da 0.6 × 40 = 24. Ƙasa ya ba da −1.84, ja ne, amma bai kai 3.5 MPa da C40/50 yake jurewa kafin ya tsage ba. Da kayan kullum, M/Z 12.91 ne, sama 7.85, bai kai iyakar 0.45 × 40 = 18 ba, wadda ake buƙata domin lissafin kirif ya tsaya a kan ƙafarsa. Ƙasa kuma +1.35, har yanzu a matse. Ga bim na cikin gini a busasshen wuri, ƙa'ida ta yarda da tsaga har 0.2 mm. Idan wuri ne mai damshi, ta ƙara sharaɗin cewa kankaren da ke kewaye da tandon ya zauna a matse ƙarƙashin kayan kullum. Bim ɗinmu ya cika wannan ma. Ko da jinkirin dakin, ƙasa −2.5 ne da cikakken kaya, +0.7 da kayan kullum.

Saman bim yana da fili mai yawa, ƙasan ne ba shi da shi, kuma abu biyu ke cinye ɗan abin da ya rage. Na farko kujerun tandon. Idan mai ɗaurin rodi ya ɗaga bututu 50 mm a tsakiya domin ya kauce wa rodin ƙasa, ko bututun bai ɗauru da kyau ba ya taso lokacin da ake zuba kankare, e ya koma 300 mm. Ƙasa ya zama −3.2 da cikakken kaya, gab da tsagewa, da kayan kullum kuma matsin ya ƙare ƙaf. Geji da miƙewa ba za su nuna wannan ba, duka za su fito lafiya. Tef ne kawai zai kama shi, kafin a zuba kankare: a auna daga katakon ƙasa zuwa bututu a kowace mita, a tuna cewa zane yakan ba da tsakiyar tandon, igiya kuma idan aka ja ta tana manne wa saman bututu a inda ya lanƙwasa ƙasa, abin da ke rage e da milimita goma zuwa ashirin a bututu mai wannan girma.

Na biyu sauya amfanin gini. Falon da babu ginshiƙi yana jan ido, ba wuya mai gida ya ce a mayar da shi wurin biki. Kayan taron jama'a 5 kN/m² ne, ninki biyu na 2.5 kN/m² na ofis da ya ba mu 7.5 kN/m. Moman ya tashi zuwa 1377 kNm, ƙasan bim ya koma −6.4 MPa. A nan ya tsage, lissafin da muka yi da Z na cikakken bim bai ƙara aiki ba, sai a koma lissafin faɗin tsaga da lotsawa, a sake duba ƙarfin bim na ƙarshe da ƙarfinsa kusa da ginshiƙi, kafin a ba mai gida amsa.